Barka da Sallah ga ma'aikatan kicin da ke bakin aiki yau

Makka, Juma'a 10 ga Zulhajji 1446 (6 ga Yuni 2025)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena na kicin, da direbobinmu, da masu rabo a tantunan Mina, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Na roƙi shugabannin dawam su karanta wannan saƙo a wajen canjin aiki na azahar da na dare, domin na san akwai waɗanda tun jiya hannunsu bai taɓa waya ba.

Da safen nan, lokacin da kabbarorin idi suka fara tashi daga masallatan unguwa, ina tsaye a ƙofar ɗakin sanyi ina ƙirga katan ɗin kaji. Na ga Baba na wajen shinkafa ya tsayar da ludayi, ya karkata kunne wajen taga, leɓensa na bin kabbarar a hankali, sai kuma ya goge gumi da tawul ɗin wuyansa ya ɗaga murfin tukunya ta gaba. Farar jallabiyar da ya ɗinka ta Sallah tana rataye cikin ledarta a ɗakin canza kaya, na gan ta da idona. Shekara 8 ke nan yana ɗinka sabuwa, kuma a shekara 8 ɗin nan bai taɓa sa ta ranar 10 ga wata ba. Ban ce masa komai ba a lokacin, domin ban san me zan ce ba.

Ni na rubuta jadawalin nan. Ba zan fake da cewa haka aiki ya gada ba, ko da yake haka ɗin ya gada. Ni na zauna da takarda da biro na sa sunan wannan a dare, na sa na wancan a rana, ina sane da cewa wani matarsa ta haihu bai fi sati biyu ba, wata kuma 'ya'yanta suna nan Shara Mansur, tafiyar 'yan mintoci a mota, amma ba za ta ga kwalliyarsu ba sai a hoto. Akwai kuma ku da iyalanku ke Kano, Zinder, Sakkwato ko Maiduguri, waɗanda ko a gida kuke kwance yau Sallar taku ta waya ce, ga shi wayar ma aiki ya hana. Babu wanda ya zo ofis ya ce mini a cire shi. Mutum biyu sun nemi musanya, suka daidaita tsakaninsu ba tare da na sa baki ba. Na gode, Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa zuriyarku albarka.

Alhajin da ya buɗe robar abincinsa jiya bai san abin da ta ci kafin ta iso hannunsa ba. Ranar Arfa mun fitar da roba 4,200 sau uku. An ɗora tukwanen farko tun ƙarfe 1 na dare. Iya ta wajen tuwo da 'yan matanta sun tuƙa har muciya ta fara yi musu kanta a tafin hannu, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa tuwon mutum goma ya san abin da ake nufi da na mutum dubu. Tunda an hana shiga da tukunyar gas cikin Mina da Arfa, yawancin girkin daga nan cikin gari yake fita, a kulle shi da zafinsa, a loda, a bi hanyar da kowane shinge sai an duba tasarihin mota da na mutum. Tsakaninmu da Mina ba wata tafiya ba ce a ranar da babu hajji, amma jiya kowa ya ga yadda ta koma.

A nan ne zan nemi afuwa. Daren jiya, da alhazai suka sauko Muzdalifa, motarmu ta uku ta maƙale a cunkoso fiye da awa 4. Na kira direban, ƙanena ne a shekaru, na ɗaga masa murya a gaban yaran lodi, na faɗi maganar da bai cancanta ba. Daga baya na ji cewa bai sauka daga kan sitiyari ba tun la'asar, ko ruwan kirki bai sha ba, kuma shi ne ya kira mai duba lafiyar abinci ya ce a auna zafin kulolin kafin a raba. Aka auna, aka ga miyar kula shida ta sauka ƙasa da yadda ya kamata, aka zubar. Asara ce, amma da an raba ta ga tsofaffin da suka wuni a Arfa, da yanzu wani labarin ake yi. Ƙanena, a gaban mutane na yi maka, a gaban mutane nake ba ka haƙuri. Ka yafe mini. Kuma kowa ya ji: duk abincin da kuka yi shakkarsa, ku tsayar, ku kira. Ba za a cire wa kowa ko riyal ɗaya ba saboda ya hana a raba abin da zai cutar da baƙin Allah.

Nakan tuna da abin da malaminmu na Misfala yake karanta mana muna yara duk lokacin da hajji ya matso. Ciyar da alhazai da shayar da su tsohuwar sarauta ce a garin nan, tun kafin Musulunci, ana ce musu rifada da siƙaya. Kakan mahaifin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sunansa na yanka Amru, an kira shi Hashimu ne saboda marmasa gurasa da yake yi cikin romo yana ciyar da mutane. Abbas, baffan Annabi, shi ke riƙe da shayarwa, kuma ya nemi izinin ya kwana a Makka a dararen Mina saboda aikin ruwan, Annabi ya yi masa izini. Ku duba fa: kwanan Mina da kowane alhaji yake yi, aka ɗauke wa mutum saboda yana bakin aikin hidimar jama'a. Annabi ya kuma zo wajen Zamzam ya tarar da masu jan ruwa suna aiki, ya ce su ci gaba, kyakkyawan aiki suke kai, ya ce ba don gudun mutane su rinjaye su a kai ba da shi ma ya sauka ya ɗora igiyar a kafaɗarsa. To wanda yau ya rasa sahun idi saboda yana juya miyar kuka da alhaji zai ci bayan ya dawo daga jifa ƙafafunsa a kumbure, ya san layin da yake ciki. Iyayenmu da kakanninmu da suka taka ƙasa daga ƙasar Hausa, suka ratsa Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya, da yawansu irin wannan hidima suka tarar suka kama, har wasunmu aka haife mu a nan.

Sai dai ba na son in yi muku wa'azi in rufe bakinku da shi. Na yi aiki a ƙarƙashin wani a shekarun baya, duk Sallah sai ya tara mu ya ce ladanmu na wurin Allah, in aka zo biyan kuɗi kuma sai a neme shi a rasa. Lada daban, haƙƙi daban. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci hutun kwana 4 na Babbar Sallah, farawa daga ranar Arfa, kuma duk awar da aka yi aiki a cikinsu ƙarin lokaci ce: kuɗin awa, a ɗora rabin asalin albashin awar a kai. Haka za a lissafa muku, daga jiya Alhamis har jibi Lahadi, kuma zai shigo tare da albashin wannan wata, ba na gaba ba. Takardar awowi tana manne a jikin allon da ke gefen ɗakin sanyi. Kowa ya je ya duba nasa, wanda bai iya karatun ba ya sa wanda ya yarda da shi ya duba masa. In an rage maka ko rabin awa, ka zo wurina kai tsaye, kada ka bari sai an gama hajji kowa ya manta.

Kwanakin hutun da kuka rasa ma za a rama. Daga 15 ga wata za mu fara sakin mutane rukuni-rukuni, masu jego da masu ƙananan yara a gaba. Goron Sallah yana hannun shugaban kowane dawam a cikin ambulan, ba shi da yawa, a yi haƙuri da shi, a sayi alawa a kai wa yara.

Maganar nama kuwa, kada wani ya ce mun ciyar da duniya mun kwana da yunwa. An yanka raguna 5 a mahauta da safen nan, naman zai iso bayan Juma'a. Na ware tukunya ɗaya da murhu ɗaya na ma'aikata kaɗai, kuma na ce kada Iya ta taɓa su, yau ita ma a zuba mata ta ci tana zaune. Ni da ma'aji za mu soya, in ya ƙone ku san wanda za ku kama. Kayan ciki na 'yan dare ne, an riga an yi alkawari, 'yan rana kada ku yi musu wayo. Akwai yajin da wata hajiya daga cikin alhazanmu ta aiko da shi takanas, ta ce a ba masu girki, domin tunda ta baro gida ba ta ci miyar da ta tuna mata da ɗakinta ba sai ta shekaranjiya. Kowane mai iyali a gari zai tafi da ƙullinsa.

Aiki bai ƙare ba, kun fi ni sani. Gobe da jibi ranakun jifa ne, wasu alhazan za su fito ranar 12, wasu sai Litinin 13 ga wata, kuma a kwanakin nan ne gajiya take sa hannu ya yi sake. Ku da ke rabo a Mina, ina roƙonku da girman Allah ku kula da rana. Ba mu manta bara ba, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu a aikin hajji, Allah Ya jiƙansu. Lema a hannu, ruwa a jaka, katin aiki a wuya. Wanda ya ji jiri ko ya ga gumi ya ɗauke masa, ya zauna a inuwa nan take ya kira shugabansa, babu jarumta a wannan. Na ƙara mutum biyu a kowace mota domin a riƙa karɓar juna. A cikin kicin kuma, safar hannu da hular kai ba sa hutun Sallah.

Daga ƙarfe 2 zuwa 4 na yamma za a riƙa sakin mutum biyar-biyar na minti 20, kowa ya samu wuri ya kira gida. Na bar ofishina a buɗe saboda ya fi shiru kuma sabis ya fi kamawa a can, akwai caja a kan tebur. Ku gaishe mini da iyaye, ku ce manaja yana ba su haƙuri, shi ya riƙe ku. Masu zuwa Juma'a su bi jerin da aka rubuta, kada a bar tukunya babu mai tsaro.

Baba, in Allah Ya kai mu ranar 15, sunanka ne na farko a cikin dattawan da za su fita hutu. Ka sa jallabiyar nan ka biyo ta kicin mu gani.

Zan zagayo wajen 'yan dare da misalin ƙarfe 11, da shayi.

Naku,
Manajan kicin