Jadawalin bin sawu: buƙatu da gwaje-gwajen manhajar bashin jinginar hatsi

Zubi na 3, Maraɗi, Litinin 12 ga Janairu 2026
Manhajar da aka gwada: siga ta 1.4.2
Daga mai kula da gwaji, zuwa ga Hajiya shugabar tarayyar ƙungiyoyin manoma da Alhaji ma'aji. Kwafi ɗaya na masu binciken lissafi ne, waɗanda za su iso ranar 26 ga wata.

Hajiya, ranki ya daɗe, ga takardar da masu bincike suka sa a sahun farko na abubuwan da suke so mu tanada. Ta shafi sashen jingina kaɗai, wato daga lokacin da manomi ya kawo gero, wake ko aya magaza bayan kaka, ya karɓi bashi a kansu, har ranar da ya biya ya ɗauki buhunansa. Kowane layi yana farawa da abin da kuka ce manhajar ta yi, sai inda maganar ta samo asali, sai gwajin da muka yi mata, sai abin da ya fito. Cikakken bayanin kowane gwaji, da hotunan allo da sa hannun wanda ya yi shi, yana cikin fayil mai ɗauke da lambarsa, misali `gwaji/GWA-008.pdf`.

| Lamba | Abin da aka buƙata | Tushe | Gwaji | Sakamako |
|---|---|---|---|---|
| BUK-01 | Duk buhun da ya shiga magaza a rubuta irin hatsinsa, nauyinsa a kilo da lambar mai shi | Yarjejeniyar aiki, sashe na 3.1 | GWA-001, GWA-002 | Sun wuce, 6 ga Janairu |
| BUK-02 | Kada bashi ya haura kashi 80 cikin 100 na darajar hatsin a ranar ajiya | Dokar cikin gida ta tarayya | GWA-003, GWA-004 | Sun wuce, 6 ga Janairu |
| BUK-03 | A ajiye kuɗi a cikakkun sefa, babu gutsure bayan waƙafi | Yarjejeniyar aiki, sashe na 3.4 | GWA-005 | Ya wuce, 7 ga Janairu |
| BUK-04 | Allo ya nuna kuɗi a sefa, a ƙarƙashinsa kuma a dala | Taron 14 ga Oktoba 2025 | GWA-006 | Ya wuce, 7 ga Janairu |
| BUK-05 | Buhu ba ya fita sai da amincewar mutum biyu, na ƙungiya da na asusun bashi | Yarjejeniya da asusun bashi | GWA-007, GWA-008 | Na farko ya wuce, na biyu ya faɗi, lambar aibin AIB-03 |
| BUK-06 | Ba a goge rubutun da aka tabbatar. Gyara sai da sabon rubutu mai soke na baya | Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, aya ta 22 | GWA-009 | Ya wuce, 8 ga Janairu |
| BUK-07 | Kwanan wata da lokaci su bi agogon Nijar | Yarjejeniyar aiki, sashe na 3.6 | GWA-010 | Ya faɗi a 1.4.1, ya wuce a 1.4.2 (AIB-02) |
| BUK-08 | A iya aiki babu rezo, in ya dawo a tura ba tare da maimaita rubutu ba | Taron 14 ga Oktoba 2025 | GWA-011, GWA-012 | Sun wuce, 9 ga Janairu |
| BUK-09 | A adana bayanan lissafi shekara 10, kuma a iya dawo da su daga ajiya | Dokar lissafi ta OHADA, aya ta 24 | Babu gwaji | Ba a tabbatar ba |
| BUK-10 | Lambar salula da ta katin ɗan ƙasa kada kowa ya gan su sai wanda aka ba izini | Dokar kare bayanan mutane ta Nijar | GWA-013 | Ya wuce, 9 ga Janairu |
| BUK-11 | Rasi ya fito da Hausa da Faransanci | Yarjejeniyar aiki, sashe na 4.2 | GWA-014 | An rubuta, ba a yi ba |
| Babu | Tura saƙon tunatarwa ta salula kafin wa'adin biya | Babu | GWA-015 | Ya wuce, amma ba shi da buƙata |

Buƙatu 11 ne, 8 sun tabbata. Gwaje-gwaje 15, 13 sun wuce, ɗaya ya faɗi, ɗaya ba a yi ba.

Ranar Alhamis kin tambaye ni a biro: "Tun da abin na aiki, mi ya sa sunka matsa ma wagga takarda?" Alhaji kuma ya ce ko za a cike layukan nan da ba su da kyan gani kafin baƙi su zo. Amsar tambayar ki ita ce dalilin da ya sa ban bi shawarar Alhaji ba, ya yi mini haƙuri.

Mai bincike zai sa hannu ne a kan lissafin da manhajar ta fitar, alhali bai ga ranar da aka auna buhunan Cadawa ba, kuma ba shi da kwanakin da zai zauna ya karanta abin da masu gina manhajar suka rubuta layi-layi. Maganar baki kuwa ba ya iya sa ta a rahotonsa. Abin da yake yi shi ne abin da makiyayi yake yi in saniya ta ɓace: ya kama sawu daga bakin garke ya bi. Zai ɗora yatsa a kan layi ɗaya, a ce BUK-02, ya ce a nuna masa dokar cikin gida inda aka rubuta kashi 80. Sai ya ce a buɗe GWA-004. A can zai ga buhu 10 na gero a kan sefa 20.000 kowane, jimla 200.000, iyakar bashi 160.000, GWA-003 ya nemi 160.000 daidai aka ba shi, GWA-004 ya nemi 160.001 manhajar ta ƙi. Zai duba sigar da aka gwada, ya kwatanta da wadda take kan na'urar magaza. In sawun bai yanke ba a layi huɗu ko biyar da ya zaɓa da kansa, zai yarda da sauran, ya rage yawan rasiɗan da zai bi da hannu. In ya yanke a wuri ɗaya da muka rubuta cewa ya wuce, to duk jadawalin ya zama abin zargi, har layukan da muka yi tsakani da Allah.

Yana kuma bin sawun ta baya, daga gwaji zuwa buƙata. Nan ne GWA-015 zai tsaya masa. Wani daga cikinmu ya ga saƙon tunatarwa zai yi amfani, ya gina shi, muka gwada, yana aiki lafiya lau. Sai dai ba ku nema ba, ba wanda ya ƙiyasta kuɗin saƙonnin, kuma yana taɓa lambobin salular membobi, abin da HAPDP, hukumar kare bayanan mutane ta Nijar, take sa ido a kai. Ko dai kwamiti ya amince da shi a rubuce ya zama BUK-12, ko mu kashe shi. A ganina a kashe shi har bayan bincike.

Ba mu aka fara yi wa wannan tambaya ba. Ƙa'idar ISO/IEC/IEEE 29148 ta rubuta buƙatun manhaja tana so kowace buƙata ta kasance ana iya gwada ta, ana iya bin asalinta. Masu manhajar jirgin sama da ke bin DO-178C da masu na'urorin asibiti da ke bin IEC 62304 sun fi mu shan wannan matsi nesa ba kusa ba. Namu buhuna ne da bashin mutane, amma hujjar ɗaya ce.

Layin da ya fi damuna shi ne BUK-05. A magaza kin san yadda ake yi: kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun bashi, ba mai buɗewa shi kaɗai. GWA-007 ya nuna cewa amincewa ɗaya ba ta fitar da buhu, muka ji daɗi. GWA-008 ya yi wata tambayar: in aka ba mutum ɗaya matsayin biyu fa? Na ba wani asusun gwaji matsayin mai kula da magaza da na wakilin asusun bashi, na danna amincewa sau biyu, buhu 40 suka fita a allo ba tare da ko gargaɗi ba. Kwaɗo biyu ne, amma mabuɗan suna aljihu ɗaya. Da gwaji ɗaya muka rataya wa wannan buƙata, da yanzu layin yana cewa ya wuce. Za a gama gyaran ranar Juma'a 16 ga wata, mu sake GWA-007 da GWA-008 tare. Na duba asusun ma'aikata na gaske, a yau babu mai riƙe da matsayin biyu.

BUK-07 an riga an gyara, amma na bar tarihin faɗuwarsa da gangan. Babbar na'urar da ke ajiye bayanai tana bin agogon UTC, Nijar kuma tana gabansa da awa ɗaya. Duk abin da aka rubuta tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ya faɗa ranar jiya. A ranar kasuwa wannan ba komai ba ne. A daren 31 ga Disamba kuwa yana iya mayar da biyan sabuwar shekara cikin lissafin wadda aka rufe, kuma irin abin da mai bincike yake fara dubawa ke nan.

BUK-09 laifina ne. Ana kwafar bayanai kowane dare, amma ba mu taɓa zama mun dawo da su a wata na'ura mun ga ko lissafin ya yi daidai ba. Ban lura ba sai da na tambayi rumbun jadawalin buƙatun da ba su da gwaji:

```sql
SELECT b.lamba FROM bukata b
LEFT JOIN alaka a ON a.bukata = b.lamba
WHERE a.gwaji IS NULL;
```

Layi ɗaya ya fito, shi ne wannan. Zan rubuta GWA-016 a wannan mako, mu yi shi Laraba 21 ga wata. Ina roƙon Alhaji ya halarta da littafinsa, domin shi zai ce jimlar ta yi ko ba ta yi ba.

BUK-11 injin buga rasi kawai yake jira, yana hanya daga Yamai. A lura da ƙ, ɗ da ɓ lokacin gwajin, ƙananan injunan nan sukan maye gurbinsu da alamar tambaya.

BUK-04 kuma, tun da Alhaji ya taɓa cewa ƙawa ce: a gwajin farko mai kula da wata magaza ya ji manomi ya ce dala 2.500, ya rubuta 2.500 a gurbin sefa, alhali kuɗin 12.500 ne. Shi ya sa aka kawo maganar a taron Oktoba, kuma GWA-006 da waɗannan alƙaluman nasa muka yi shi.

Daga yau duk wanda ya taɓa wata buƙata ya gyara layinta a ranar, ya nuna gwaje-gwajen da za a sake. Zubi na 4 zai fito Juma'a 23 ga wata da sakamakon GWA-008, GWA-014 da GWA-016 yadda suka fito. Za a miƙa shi tare da wannan zubi na 3, domin masu bincike su ga abin da ya sauya tsakaninsu. Abin da nake jira daga wurinki, Hajiya, shi ne hukuncin kwamiti a kan GWA-015 kafin ranar.