Hauhawar Farashi Ta Ragu, Kaya Bai Yi Arha Ba

(Da hantsi a rumfar hatsi a kasuwar Dawanau, Kano. Kawu yana zaune kusa da buhunan masara, rediyonsa a gefe. Binta, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ke karatun tattalin arziki a jami'a, ta shigo da sallama ta durƙusa ta gaishe shi.)

KAWU: Lafiya lau, 'yata. Yanzu na ji an ce hauhawar farashi ta ragu, alhali kuwa kuɗin motar da ke kawo mini kaya da ladan 'yan dako duk suna nan inda suke, wasu ma sun ƙaru. Ko dai masu lissafin ba sa shiga kasuwa, ko kuma ba gaskiya suke faɗa ba.

BINTA: Kawu, ku yi haƙuri, amma maganarku da tasu za su iya zama gaskiya a lokaci guda, domin abin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take aunawa shi ne saurin tashin farashi idan aka kwatanta da bara warhaka.

KAWU: Abin da ya ragu ya ragu. Idan na ce masara ta ragu a rumbu, ai kowa ya san babu yawa ke nan.

BINTA: To, mu ɗauki buhun nan misali. A ce shekara biyu da suka wuce naira 50,000 ne, sai hauhawa ta kai kashi 30 cikin 100, ya koma 65,000. A shekara ta biyu hauhawar ta sauko zuwa kashi 20, nawa zai zama?

KAWU: (Ya yi shiru yana lissafi.) Kashi 20 na 65,000 shi ne 13,000. Ya zama 78,000 ke nan.

BINTA: Kun gani, hauhawa ta sauka daga 30 zuwa 20, buhu kuma ya tashi daga 65,000 zuwa 78,000. Kamar magini ne da ya ɗora jeri biyar na bulo jiya, yau ya ɗora uku. Aikinsa ya ragu, katangar kuwa ta ƙara tsawo, kuma ba za ta gajarta ba sai an sauke bulo.

KAWU: Lissafin na karɓa, amma ban sallama miki ba. Na tuna an ce a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80, sai a Janairun 2025 aka ce 24.48. Wane magini ne zai rage aiki haka a wata ɗaya?

BINTA: A nan kuna da hujja. A wancan lokacin hukumar ta sauya shekarar da take gina ma'auninta a kai, daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jera kayan da take bibiya da nauyin da take bai wa kowanne, saboda abin da magidanta ke kashe kuɗi a kai ya canja a cikin shekara goma sha biyar.

KAWU: Wato an canja mudu a tsakiyar awo.

BINTA: An canja shi, kuma akwai dalili, tunda tsohon ya daina nuna yadda mutane ke sayayya. Sai dai wanda ya jera alƙaluman nan biyu ya ce rayuwa ta yi sauƙi da kashi 10 a wata guda, ya yi kuskure, domin ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

KAWU: To, da kaka fa? Kowace shekara idan sabon hatsi ya shigo, da idona nake ganin gero da masara sun karye.

BINTA: Wannan saukar farashi ce ta gaskiya, amma ta wasu kaya ce a wani lokaci na shekara. Ma'aunin ya haɗa abinci da haya da sufuri da magani da kuɗin makaranta, saboda haka gero zai iya faɗuwa jimillar ta ci gaba da hawa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin jigila ya shiga cikin kusan kowane kaya.

KAWU: Abin da ke damuna shi ne matar da ke zuwa awon tiya biyu, yanzu ɗaya take iya saya. Ita me saukar alƙaluman ta tsinana mata?

BINTA: Ta rage saurin da kuɗin hannunta ke rasa daraja, amma ba ta dawo mata da tiyar da ta rasa ba. Hakan sai abin da take samu ya tashi fiye da yadda kaya ke tashi, ko kuma farashin kansa ya sauko.

KAWU: Ashe idan sun sake faɗa a rediyo, sai su riƙa ƙarasa maganar, su ce kaya na nan na tashi, tashin ne ya lafa. Miƙo mini littafin bashi na duba nawa na sayar da buhun dawa bara warhaka.

(Binta ta miƙa masa littafin, suka duƙufa a kan shafin tare.)