Sanarwar Jinkirin Aikin Gini da Neman Amincewa da Sabuwar Ranar Kammalawa

14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Alhaji, mai aikin ginin bene hawa ɗaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in sanar da kai a rubuce, kamar yadda sashe na 12 na yarjejeniyarmu ta 4 ga Nuwamba, 2024 ya tanada, cewa gidanka ba zai kammalu ranar 30 ga Yuni, 2025 da muka sa ba. Ranar da nake neman amincewarka da ita yanzu ita ce 15 ga Satumba, 2025. Mun taɓa maganar ta waya a ƙarshen Maris, amma magana irin wannan gara ta zauna a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Ga inda aiki ya tsaya. An gama tushe, an zuba daɓen ƙasa, bulon hawan ƙasa ya kai linta, ginshiƙai duka sun tashi. Kafintoci sun kafa katakon dakin, wato rufin kankaren da hawan sama zai zauna a kai, da sandunan tokara. Abin da ya rage a wannan matakin shi ne ɗaurin rodi da zuba kankare, wanda a jadawalinmu ya kamata a yi shi tun 17 ga Maris. A nan muka cije.

Dalili shi ne tsadar kaya. Lissafin da muka sa wa hannu an yi shi ne bisa farashin watan Oktoba. Kuɗin da muka ware wa buhu 180 na siminti don dakin, yau buhu 140 kawai zai sayo. Na rodi ya fi muni: abin da muka ware wa tan 3 da ƙyar ya haura tan 2. Dilan da na ba kafin alƙalami tun Fabrairu ya ce ba zai iya sauke kaya a tsohon farashi ba, domin shi ma daga sama aka ƙara masa, ya mayar mini da kuɗin. Na zaga wurin dillalai uku, duk bakinsu ɗaya, kuma babu wanda ya yarda farashin da ya rubuta ya wuce mako guda. Yashi da tsakuwa ma sun motsa, saboda masu tifa da dizal suke aiki, abin da ya taɓa mai kuwa sai ya taɓa kowace tifa da za ta shigo fili. Takardun farashin dillalan uku suna haɗe da wannan wasiƙa, tare da rasit na duk abin da aka saya zuwa yau, don ka gani da idonka.

Ranka ya daɗe, na san za ka iya tambaya me ya hana a yi aiki da abin da kuɗin zai iya saya, a cika daga baya. A wurin bulo ana iya yin haka, a ɗora sahu biyar yau, a dawo bayan mako biyu a ci gaba. Dakin ba ya karɓar wannan. Rana ɗaya ake zuba shi, daga farko har ƙarshe, domin in kankare ya daskare aka zo aka ɗora sabo a gefensa, mahaɗar takan zama wuri mai rauni, kuma ta nan ruwa ke fara yoyo. Sauran hanyoyin rage kuɗi duk na san su: a sa rodi mai milimita 10 inda injiniya ya rubuta 12, a buɗa tazarar ɗauri, ko a ƙara yashi a rage siminti har kwaɓin ya bar ma'aunin 1:2:4 na siminti, yashi da tsakuwa. Da zarar an yi filasta babu mai gani. Amma iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashin wannan dakin, wasu kuma a kansa, kuma sunana ne a jikin aikin. Na zaɓi in tsaya in zo maka da maganar jinkiri.

Sashe na 9 ya ba da damar sake duba kuɗin kaya in farashi ya tashi fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma siminti da rodi duk sun zarce haka nesa. Ƙarin da nake nema na kaya ne kaɗai. Ladan aikina da na birkiloli da leburori yana nan yadda muka yi, ban ƙara komai ba. Katakon dakin da ya daɗe a tsaye kuwa, duk wanda ya lanƙwashe ni zan canza shi daga aljihuna.

In ka ga dama ka biya bambancin da ke cikin sabon lissafin, in sayo kayan in kawo maka rasit. In kuma ka fi son ka saya da kanka a sauke a fili, ba ni da ja, sai dai injiniya ya duba kaurin rodin da ma'auni kafin a karɓa. Idan kuɗin ya yi nauyi a yanzu, shawarata a ɗage katangar waje da shimfiɗar tsakar gida zuwa bayan tarewa, a juya kuɗinsu zuwa dakin da rufi. Kowace ka ɗauka, ina ganin a sayi rodin da ya rage gaba ɗaya, har da na hawan sama, tare da kwanon rufi, tunda suna jure ajiya in an ɗaga su daga ƙasa an rufe. Siminti kam a riƙa saye mataki mataki. Yana shan danshi ko a cikin buhu, in ya wuce kamar wata uku a ajiye ƙarfinsa yakan ragu, sai araha ta koma asara.

Sabon jadawalin ya dogara ne da samun amsarka da kuɗin kaya zuwa 21 ga Afrilu. In haka ta samu, kaya za su sauka kafin 28 ga Afrilu, a gama ɗaurin rodi da sa bututun waya, injiniya ya duba, a zuba dakin ranar 12 ga Mayu. Za a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba za a cire tokara ba sai 9 ga Yuni. Wannan lokacin ba ya gajartuwa ko an ninka ma'aikata, domin kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Bulon sama da linta su ƙare 28 ga Yuni, rufi 19 ga Yuli, filasta da wayarin da aikin famfo 23 ga Agusta, sannan tayil, ƙofofi, tagogi da fenti, a miƙa maka makulli 15 ga Satumba.

Jinkirin ya kama mako 11. Takwas daga ciki na tsayawar dakin ne. Sauran ukun na sa su ne saboda masu ɗaurin rodi da birkiloli sun kama aiki a wani wuri sai na sake tattaro su, kuma filasta na bukatar ta bushe sosai kafin fenti, in ba haka ba ya ɓare. Ban so in faɗi ranar da za ta yi maka daɗin ji sannan in sake dawowa da wata takardar. Idan amsa ta wuce 21 ga Afrilu, ranar kammalawa za ta matsa daidai da kwanakin da aka ƙara, farashin dillalai kuma sai an sake tambaya.

Na san ka shirya tarewa a Yuli, kuma wannan zai taɓa maganar gidan hayar da kake ciki. Ina ba ka haƙuri ƙwarai. Ina roƙon mu haɗu a filin ranar Alhamis, 17 ga Afrilu, da ƙarfe 10 na safe, tare da injiniya, mu bi lissafin layi layi. In mun daidaita, sai mu sa hannu a kan ƙarin yarjejeniya mai ɗauke da sabuwar rana da sabon kuɗin kaya, sauran sharuɗɗa kuma su tsaya yadda suke.

Allah ya sa a gama lafiya. Na gode.

Naka,
Ɗan kwangila mai riƙe da aikin

Kwafi: injiniya mai sa ido a kan aikin