Wasiƙar ƙorafi kan batirin inbata da ya raunana cikin wa'adin garanti

20 ga Nuwamba, 2024

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya jama'a? Da ma ban so maganar nan ta kai ga rubutu ba. Na zo shagonka sau biyu ban same ka ba, amsar da yaronka ya ba ni kuma ba ta kwantar mini da hankali ba, shi ya sa na ga gara in rubuta komai dalla-dalla ka karanta da kanka.

Ranar 14 ga Maris, 2024 na sayi batir biyu na inbata a wurinka, masu ruwa, dogayen nan, kowanne bolt 12, an rubuta 200Ah a jikinsa. Lambar rasit ɗina 0417, kuma da hannunka ka sa wa katin garanti hannu: wata 24 daga ranar saye. Ma'aikacin da ka haɗa ni da shi ne ya jera su a kan inbatata mai bolt 24, shi ya saita caji, ni ban taɓa komai ba. Yau wata takwas ke nan da 'yan kwanaki, ko rabin wa'adin ba mu kai ba.

A watannin farko, gaskiya ba ni da abin cewa. Idan aka ɗauke wuta da ƙarfe goma na dare, sai mu kai asuba fanka na juyawa. Kayan da ke kan inbatar ba su canza ba daga ranar zuwa yau: fanka biyu, talabijin, ƙwan fitila shida, na'urar intanet da cajin wayoyi. Duka-duka bai kai wat 300 ba, allon inbatar ma yana nunawa. Firji da dutsen guga da injin jan ruwa ba sa kan layinta, tun farko aka ware su. Lissafin ba mai wuya ba ne. Batir biyun suna ɗauke da wajen wat 4,800 na awa ɗaya. Ko da rabi kawai aka sha, kamar yadda aka gargaɗe ni, sai a samu awa bakwai bayan an cire abin da inbatar kanta ke ci. Haka kuwa muke samu.

A cikin Satumba abin ya fara ja da baya. Awa bakwai ta koma biyar, biyar ta koma uku. Na ɗauka wuta ce ba ta daɗewa har su cika, sai na bar su kwana biyu suna caji ba tare da na kunna komai ba. Bai yi amfani ba. Daren Litinin da ta wuce na duba agogo: an ɗauke wuta ƙarfe goma da kwata, kafin sha biyu inbata ta fara kuka, allo ya nuna LOW BATTERY, fanka ta rage gudu ta tsaya. Mahaifiyata da ke kwance a ɗakin kusa, wadda dominta na sayi kayan nan tun asali, da mafici ta ƙarasa daren.

Yaronka ya ce mini ko dai na ɗora musu kaya fiye da kima, ko na bar ruwa ya ƙafe, ko zafi ne. Ban yi musu da shi ba, na tafi na samo mai aikin lantarki da ba shi da alaƙa da ni ko da kai, ya gwada su a gabana. Ga abin da ya gani.

Bayan sun yi cikakken caji, ya cire su ya bar su suka huta awa huɗu. Na farko ya nuna bolt 12.7, wato lafiyarsa ƙalau. Na biyu ya nuna 12.3. Da ya mayar da su muka kunna kayan da muka saba, cikin awa ɗaya da rabi na biyun ya faɗo 10.7, ɗan'uwansa kuwa yana nan a 12.3. Idan ka haɗa biyun ka sami bolt 23, daidai inda aka saita inbatar ta yanke. Daga nan ya buɗe murafe ya zuƙi ruwan kowane gida da ma'aunin ruwan batir. Gida biyar na batir na biyu sun nuna kusan 1.240, amma gida na huɗu ya tsaya a 1.130, ruwansa ma ya yi duhu-duhu kamar an zuba toka. Ya ce mini sel ɗaya ya tafi, kuma babu cajin da zai dawo da shi.

To, Alhaji, a nan nake so ka tsaya ka duba. Batiran nan a jere suke kan waya ɗaya. Wutar da ta ratsa wannan ita ta ratsa wancan, ba ragi ba ƙari. Ɗaki ɗaya suke, kan katako ɗaya, taga a buɗe. Rana ɗaya nake duba ruwansu, farkon kowane wata, kuma ruwan batir tatacce nake ƙara musu, ba na famfo ba. In da lodi ne ya yi yawa, ko zafi, ko sakacina, da dukansu biyu sun jikkata. Yaya za a yi ɗaya ya ƙoshi, ɗaya ya mutu, kuma a gida ɗaya tak cikin shida? Mai gwajin ya duba saitin caji ma: bolt 28.8 wajen cikawa, 27.4 bayan sun cika, amfiya 20. Bai ga kuskure ba.

Akwai wani abu da ban lura da shi ba sai ranar. A kan murfin batir mai lafiyar an buga 01/2024. A kan maras lafiyar kuwa 04/2023 ne. Wato ya yi wata goma sha ɗaya a ajiye kafin ya zo hannuna. Ba na cewa da gangan aka ba ni tsohon kaya, wataƙila kai ma haka aka sauke maka su. Amma ka fi ni sanin cewa batir mai ruwa idan ya daɗe a zaune ba a yi masa caji ba, farantansa na kama gishiri, ƙarfinsa ya ragu tun ba a fara aiki da shi ba.

Na karanta bayan katin garanti layi-layi. Abin da ke soke shi: fashewar jiki, ƙonewar kan batir, ƙafewar ruwa, goge lamba, ko buɗe shi don gyara. Babu ko ɗaya a nawa. Wani ya ba ni shawarar a zubar da ruwan a zuba sabon asid, na ƙi, don kada gobe a ce ni na taɓa shi.

Abin da nake nema shi ne a canza mini batirin da sabo irinsa, mai ƙarfi ɗaya, wanda bai daɗe da fitowa daga kamfani ba. Idan kana so ka tabbatar da kanka, turo ma'aikacinka ya sake gwaji a gabana, ko in kawo shi shago. Sai dai idan za a tura shi kamfani, ina roƙon a ba ni takardar karɓa mai ɗauke da lambarsa da ranar da za a ba ni amsa, a kuma ara mini wani in riƙa amfani da shi, domin inbata mai bolt 24 ba ta tashi da batir ɗaya. Ina kuma so a gwada na farkon a rubuta sakamakon, saboda wata biyu ya yi yana jan ɗan'uwansa gurgu, kuma haɗa sabo da wanda ya gaji ba ya yi wa sabon kyau. A yanzu dai na kashe inbatar gaba ɗaya don kada asarar ta zama biyu.

Na haɗo kwafin rasit, da katin garanti, da hotunan ma'aunin da na tambarin da ke kan murafen. Zan jira amsarka zuwa ranar 4 ga Disamba. Idan ta wuce ban ji komai ba, zan kai takardun nan ga wakilin kamfanin da ya ƙera batirin, in ya so su yi magana da kai. Na fi son mu gama tsakaninmu, tunda a wurinka na sayi inbatar ma shekara uku da suka wuce, kuma har yau ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Lambar wayata tana kan rasit. Allah ya ƙara buɗi.

Naka,
Malam Musa