'Yan tsaki 6,000 za su sauka gonarmu ranar Talata, Wudil hanyar Gaya

Assalamu alaikum makiyaya, iyayenmu mata da 'yan uwa matasa masu kiwo a gida. Masu ta kiranmu tun makon jiya suna tambayar yaushe kaya zai iso, to ga shi Allah Ya kawo. Mun yi odar 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya guda 6,000, wato kwali 120, daga Ibadan. Ranar Litinin za a ƙyanƙyashe su, a ɗora su a mota da yamma, su kwana a hanya, mu sauke su a gona ranar Talata mai zuwa da hantsi in sha Allah.

Kowane kwali 50 ne a ciki da ƙarin ɗaya na gyara, 51 ke nan, kuma gyaran nan naka ne, ba ma cire shi.

Burola, na nama: kwali 60 (guda 3,000). Ɗaya naira 1,150, kwali naira 57,500. An riga an kama kwali 22, saura 38.

Noila, ta nama da ƙwai: kwali 30 (guda 1,500). Ɗaya naira 750, kwali naira 37,500. Saura kwali 19.

Masu ƙwai, jajaye, Isa Brown: kwali 20 (guda 1,000). Ɗaya naira 1,600, kwali naira 80,000. Wani mai gona daga ɓangaren Dutse ya kama 12 shi kaɗai, saboda haka 8 suka rage.

Zakaru: kwali 10 (guda 500). Ɗaya naira 300, kwali naira 15,000. Ba a taɓa su ba tukuna.

Wanda zai ɗauki kwali biyar zuwa sama na iri ɗaya, za mu rage masa naira 30 a kan kowane tsako. Wanda kuma ƙarfinsa bai kai kwali ba, muna fasawa: rabin kwali 25 ne, sannan mafi ƙarancin abin da muke ƙirga wa mutum guda 10 ne. Sai dai a tsinta akwai ƙarin naira 50 a kan kowanne, kuma babu gyara. Matan unguwa da ke haɗa kuɗi ku biyar ko ku huɗu, gara ku ɗauki kwali guda da sunan mutum ɗaya, ku je gida ku raba, ya fi muku sauƙi nesa ba kusa ba.

Farashin nan na wannan saukar ne kawai. Kun san yadda kasuwar 'yan tsaki take, abin da aka faɗa maka yau ba shi za a faɗa maka mako mai zuwa ba, musamman yanzu da kowa ya sa Sallah a gaba. Kada wani ya zo da hoton wannan sanarwar bayan mako biyu ya ce ai haka muka rubuta.

Tunda maganar Sallah ta shigo, bari in yi wa masu burola lissafi. Daga ranar Talatar nan saura kusan mako bakwai a yi Ƙaramar Sallah. Burola in ta samu abinci da ruwa yadda ya kamata, mako shida zuwa bakwai ta isa yanka, nauyinta ya haura kilo biyu. Ke nan wannan ɗaukar ita ce ta faɗa daidai kan kasuwa. Amma ku lissafa abincinsu kafin ku biya kuɗin tsaki: kwali ɗaya zai cinye buhu takwas zuwa tara na mai kilo 25 kafin ya kai sayarwa. Ni dai shawarata, in kuɗin abincin kwali biyu ne a hannunka, ɗauki kwali biyu, kada ka ɗauki huɗu ka ce Allah zai kawo. Burola ba ta san bashi ba, ba ta san a yi haƙuri zuwa ranar kasuwa ba. In ta yi kwana biyu tana cin dusa zalla a mako na huɗu, wannan ramar ba ta dawowa.

Wanda yake ƙauye, yana da tsakar gida da fili, kuma ba shi da ƙarfin buhunan nan, Noila ce tasa. Bayan ta yi wata guda a ɗaki da abincin kamfani ana iya sakinta ta yi kiwo, tana cin dusa, tsakin masara da ragowar tuwo, ta fi burola juriya, wata uku zuwa huɗu ta yi girman sayarwa, matan kuma in an bar su suna yin ƙwai. Ba a ware maza da mata a kwalin Noila, a gauraye suke zuwa, don haka kada a ce mu zaɓo mata zalla. Masu ƙwai kuwa sai mai dogon numfashi, domin sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin ka ga ƙwan farko, kullum kana zuba abinci ba ka karɓar komai. Zakaru ga araha ga wuyar mutuwa, sai dai jinkirin girma. Ba za su riski wannan Sallar ba, sai dai Babba.

Yadda ake kama kaya: a biya rabin kuɗi kafin alƙalami, daga yau zuwa ranar Lahadi bayan sallar isha'i. Cikon kuma ranar ɗauka, kafin kwali ya bar gona. Mai son biya hannu da hannu ya zo gona, kullum muna nan daga safe zuwa la'asar, a ba shi rasit. Mai turawa ta waya ya fara yi mana magana a kan wannan layin da ya saba samunmu, mu ba shi lambar asusun gona da bakinmu. Da gangan ba mu rubuta ta a nan ba, saboda bara wasu marasa tsoron Allah sun kwafi hoton kajinmu suka liƙa tasu lambar, wata baiwar Allah daga Sumaila ta tura musu kuɗin kwali guda, ta zo ranar ɗauka babu sunanta a littafi. In ka tura, ka turo shaidar biya da sunanka da garinku da irin da kake so. Wanda ya ce "a ajiye mini" da baki kawai, ba mu rubuta shi ba, ko da ɗan ɗakinmu ne. Wanda kuma ya fasa bayan an ɗora kaya a mota ranar Litinin, sai mun sayar da nasa kafin mu mayar masa da kuɗinsa.

Wurin ɗauka: in ka fito daga Kano, ka haye gadar Wudil, ka kama hanyar Gaya. Tafiyar kamar kilomita huɗu za ka ga injin casar shinkafa a hannun dama, ka sauka daga kwalta ka bi burjin da ke gefensa, koren ƙyaure na biyu shi ne namu. Kowane ɗan acaɓa a tashar Wudil ka ce masa gidan kaji na bayan injin shinkafa, zai kawo ka.

Za mu fara bayarwa da ƙarfe 10 na safe, mu rufe da ƙarfe 4 na yamma. Hanyar Ibadan doguwa ce, ba a yi mata alkawarin minti, don haka da mota ta wuce Zariya za mu aika wa duk wanda ya biya saƙo. Kada ka baro gida sai ka ga saƙon. Mutanen Gaya, Garko, Takai, Albasu da Dutse da ba za su samu zuwa ba, muna iya ba direban tasha, kuɗin mota naira 1,500 kan kowane kwali a kanku, kuma ku tsaya a tasha ku tarbe shi. Amma da kwali ya shiga motar haya ya fita daga wuyanmu.

Abin da nake roƙo a kai, wanda shi ne ya sa na tsawaita rubutun nan, shi ne kowa ya zo ranar Talatar ya kwashi kayansa. Ɗan tsako yana fitowa da ragowar kwanduwa a cikinsa, ita ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba ci ba sha, shi ya sa yake jure tafiyar nan mai nisa. To kafin ya iso Wudil ya riga ya cinye kwana guda daga ciki. In ka ƙara masa wani kwanan a kwali saboda kana da ɗaurin aure, ƙishirwa za ta kama shi, kuma ko bai mutu ba zai tashi a tsumbure. Wanda bai zo ba har ƙarfe 4, za mu zuba nasa a ɗakin ɗuminmu, ya biya naira 1,000 kan kowane kwali a kowace kwana, kuma daga nan sunansu ya tashi daga 'yan kwana ɗaya.

A buɗe kwali a gabanmu a ƙirga. Duba ido a buɗe yake, cibiya ta bushe, ƙafa tana tsayawa. Wanda ka ga ya mutu ko ya langaɓe, nan take za mu canza maka. In ka fita ƙyaure, shi ke nan. An yi musu rigakafin cutar Marek tun a wurin ƙyanƙyasa. Na cutar Gumboro da kuma Lasota, wato na cutar Newcastle, a hannunka suke, za mu ba kowa takarda mai ɗauke da ranakun da zai ba su, da Hausa muka rubuta ta.

Sanyin hunturu bai gama tafiya ba, kuma shi ne ke kashe mana tsaki a wannan lokacin fiye da kowace cuta. Tun daren Litinin a share ɗaki, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko garin katako busasshe, a ɗora tsofaffin takardu a kai, a toshe tagogi da leda amma a bar 'yar kafar da iska za ta fita ta sama. A hura gawayi a waje, sai ya daina hayaƙi ya yi ja sannan a shigar da tukunyar. Makon farko suna son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan duk mako. In ba ka da ma'auni, su da kansu za su gaya maka: in sun cunkushe a jikin tukunya suna kuka, sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki, wuta ta yi yawa, in sun bazu suna tsattsaga, daidai ne. Da isarka gida ka fara ba su ruwa da gulukos ko ɗan sukari, su huta kamar awa biyu, sannan abinci.

Mai zuwa da babur, kada ya wuce kwali uku, kada ya ɗaure su da roba har ya toshe hudojin jikin kwalin, kada kuma ya lulluɓe su da leda. Mai mota kada ya sa su a but ya rufe. Mun taɓa ganin wanda ya yi haka daga nan zuwa Kwanar Huguma, ya tsaya cin abinci a hanya, ya buɗe ya tarar da rabi sun tafi.

A gona akwai abincin farko na tsaki, buhu da kuma awon kwano ga masu guda 10 ko 20, akwai mazubin ruwa da na abinci ƙanana, gulukos da bitamin, sai ɓuntu buhu naira 700. Don Allah masu zuwa a tsaya a rumfar bakin ƙyaure, a taka ruwan maganin da ke ƙofa, ba a shiga ɗakunan manyan kaji, ko wane ne. Hajiyoyin da za su aiko yara, a ba yaro rasit ko a gaya masa sunan da aka yi rajista da shi, in ba haka ba ba za mu ba shi kaya ba.

Allah Ya sa albarka a kiwo, Ya kawo motar lafiya. Sai mun gan ku ranar Talata.