Takardar Bayani: Abin da Ya Sa Manhajar Hasashen Bashi Ta Gaza Bayan Ta Fara Aiki

Zuwa ga: Manajan Sashen Ba da Rance
Daga: Shugabar Rukunin Nazarin Bayanai

Ranka ya daɗe,

A taron ranar Litinin ka tambaya yadda aka yi manhajar da ta gano mutum 9 cikin 10 na waɗanda ba su biya bashi ba a lokacin gwaji, yanzu da ƙyar take gano 4. Ga amsar a taƙaice: wancan sakamakon gwajin ba na gaskiya ba ne. Ba lalacewa manhajar ta yi ba, dama ƙarfinta bai kai yadda gwajin ya nuna ba.

Babban dalilin yana cikin bayanan da aka koyar da ita da su, wato tarihin rancen 'yan kasuwa na 2021 da 2022. A cikin jadawalin akwai wani gurbi mai suna `follow_up_calls`, inda ake rubuta sau nawa jami'in karɓar bashi ya kira mutum a waya. To, jami'i ba ya kiran wanda ke biya a kan lokaci. Wanda aka kira sau bakwai, tuni ya riga ya makara. Manhajar ta lura da haka, ta ɗora kusan duk hukuncinta a kan wannan gurbi, kamar ɗalibin da ya ga amsa a bayan takardar jarrabawa. Amma ranar da mai shago ya zo neman rance, ba wanda ya taɓa kiransa, gurbin babu komai, sai tsarinmu ya cike shi da 0. A wurin manhajar, 0 na nufin mutumin kirki mai biya. Shi ya sa ta riƙa amincewa da kusan duk wanda ya cike fom. Na buɗe fayil ɗin wani mai sayar da kayan masarufi a Singa: cinikinsa ya yi ƙasa wata uku a jere, yana kuma da wani bashin a kansa, duk da haka ta sa shi cikin masu ƙaramin haɗari.

Yadda aka raba bayanan ma ya ƙara ɓoye matsalar. An cakuɗa su ne aka ɗebi wani kaso don gwaji, sai ya zama mutum ɗaya rancensa na farko yana ɓangaren koyo, na biyu yana ɓangaren gwaji. Ke nan an gwada ta a kan mutanen da ta riga ta sani.

Sai kuma abin da ba laifin jadawali ba. Kasuwar da manhajar ta koya ba ita ce ta yau ba. An yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, aka saki darajar naira a watan Yuni. Cinikin dubu ɗari biyar a wata da ke nuna mutum yana da hali a 2022, yanzu kuɗin mota da na kaya sun cinye ribarsa. Bugu da ƙari, yawancin tsofaffin bayananmu na 'yan Kantin Kwari ne da Sabon Gari, alhali sababbin masu nema da yawa 'yan hatsi ne na Dawanau, waɗanda kuɗinsu ke shigowa da kaka ya ja baya da bazara. Manhajar ba ta taɓa ganin irin wannan ciniki ba. Wannan ya rage mata ƙarfi, amma a ganina bai kai ɓarnar gurbin kiran waya ba.

Mun cire gurbin, mun sake koyar da ita da tsofaffin watanni, muka gwada ta a kan watannin da suka biyo baya da mutanen da ba ta sani ba. Ta gano 6 cikin 10. Wannan shi ne ƙarfinta na gaskiya. Na san bai kai abin da aka faɗa wa hukumar gudanarwa ba, amma ya isa ya taimaki jami'i, don haka ban ga dalilin jefar da aikin ba.

Abin da nake roƙo shi ne a dakatar da amincewa da rance kai tsaye daga yau, hukunci ya koma hannun jami'ai. Sabuwar manhajar ta ci gaba da ba da maki a gefe ba tare da an yi aiki da shi ba, har rancen kwana 90 da za a bayar a wannan watan ya kai lokacin biya, sannan mu kwatanta hasashenta da abin da ya faru. Ina kuma buƙatar ka ba mu jami'in karɓar bashi guda ɗaya ya zauna da mu, mu bi gurabe ɗaya bayan ɗaya ya faɗa mana lokacin da ake cike kowanne. Rancen da aka riga aka bayar ta hanyar tsohuwar manhajar kuwa, zan aiko maka da jerin waɗanda suka fi haɗari kafin ranar Alhamis, don a fara tuntuɓarsu tun wuri.

Na gode.