Darasin Lissafi: Yadda Ake Samun Girman Filin Alwatika Daga Gefuna Uku Kaɗai

Ɗalibai 'yan aji biyu na babbar sakandare, ga darasin da ruwan sama ya hana mu ƙarasawa ranar Alhamis. Ku karanta shi da fensir da takarda a hannu, kowane lissafi da na yi ku sake yin sa da kanku.

Tun kuna ƙaramar sakandare kun haddace cewa girman filin alwatika shi ne rabin gindi sau tsayi. Wannan ƙa'ida ba ta da aibi, sai dai tana buƙatar a san tsayin, shi kuwa tsayi ba gefe ba ne. Layi ne da yake saukowa daga ƙololuwar alwatika ya sauka a miƙe sak a kan gindi. A littafi ana zana muku shi da ɗige-ɗige. A gona babu wanda ya zana shi.

A damunar bara wani dattijo maƙwabcina ya nemi in raka shi mu auna gonarsa, yana so ya san yawan takin da zai saya. Gonar mai kusurwa uku ce, tsakanin hanyar shanu da wani kwazazzabo da shingen maƙwabci. Dawa ta fi ƙarfin kai, ba yadda za a yi mu ja igiya ta tsakiya. Abin da muka iya shi ne bin iyaka, muka samu mita 130, mita 140 da mita 150. Ya ce da ni: "Malam, ai sai ka ninka biyu daga ciki ka raba biyu." Da na bi shawararsa na ɗauki 130 da 140, da na ba shi murabba'in mita 9,100. Za ku ga nan gaba cewa da na ƙara masa filin da ba shi da shi.

Kafin ƙa'idar, ga abin da ya sa take yiwuwa. Ku ɗauki kara uku ku ɗaure bakunansu, za ku ga siffar ta kafe, ba ta lanƙwasa ko ta ina. Ku gwada da kara huɗu, za ta riƙa karkacewa, filin cikinta yana ƙaruwa yana raguwa. Shi ya sa kafinta yake gicciya katako a rufin ɗaki don ya samar da alwatika. Tunda gefuna uku sun kulle siffar, sun kulle girman filinta ma. Ke nan amsar tana cikin lambobin nan uku, sauran a fito da ita.

Mu kira gefunan a, b da c. Da farko a tara su a raba biyu. Wannan shi ne rabin kewaye, kuma harafin s ake ba shi a takardun jarrabawa:

s = (a + b + c) ÷ 2

Daga nan girman fili, A, shi ne:

A = √[s(s − a)(s − b)(s − c)]

Da baki: a ɗebe kowane gefe daga rabin kewaye, a samu ragowa uku. A ninka ragowar ukun da juna, a ninka da rabin kewayen kansa, sannan a ciro saiwar abin da aka samu. Saiwar lamba, in kun manta, ita ce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da waccan. Saiwar 36 ita ce 6.

Ana kiran wannan ƙa'idar Heron, da sunan wani masanin lissafi da ƙere-ƙere da ya zauna a birnin Iskandariyya ta ƙasar Masar a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Ya kawo ta da hujjarta a littafinsa Metrika. Al-Biruni kuma, malamin nan na ƙarni na 11, ya danganta ta ga Arkimidis, masanin lissafi na Girkawa, wanda ya riga Heron da kusan shekara 300. Ba za a tambaye ku wannan a WAEC ba, amma yana da kyau mutum ya san asalin kayan aikinsa.

Mu fara gwada ta a inda muka riga muka san amsa. Alwatika mai gefuna 3, 4 da 5 tana da kusurwa mai digiri 90 tsakanin 3 da 4, saboda haka tsohuwar ƙa'ida ta ba mu rabin 3 sau 4, wato 6. Ta hanyar Heron kuwa s = 12 ÷ 2 = 6, ragowar su ne 3, 2 da 1, kuma 6 × 3 × 2 × 1 = 36. Saiwar 36 ita ce 6. Sun yi daidai.

Yanzu mu koma gonar dattijo. Don sauƙi mu fara da 13, 14 da 15, mu ajiye sifili a gefe.

s = (13 + 14 + 15) ÷ 2 = 21
s − a = 8, s − b = 7, s − c = 6
A = √(21 × 8 × 7 × 6) = √7056 = 84

A nan akwai dabarar da nake so ku kama, musamman masu zuwa makaranta ba kalkuleta. Kada ku yi saurin ninkawa har ku kai 7056 sannan ku tsaya kuna sosa ƙeya. Ku farfasa lambobin tukuna. 21 shi ne 3 × 7, 8 shi ne 2 × 2 × 2, 6 kuma 2 × 3. Idan kun jera su za ku ga 7 biyu, 3 biyu, 2 huɗu. Kowane tagwaye suna fito da guda ɗaya daga ƙarƙashin saiwa: 7 × 3 × 2 × 2 = 84. Ko alli ba a ɓata ba.

Gonar ta ninka wannan alwatika sau 10 a kowane gefe, don haka filinta ya ninku sau 100, ba sau 10 ba. Ku lura da wannan sosai. Girmanta murabba'in mita 8,400 ne, wato hekta 0.84, tunda hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Lissafin dattijo ya yi ƙari da murabba'in mita 700. A sayen taki hasarar kaɗan ce. Da rabon gado ake yi ko cinikin gona, wannan 700 ɗin ya isa ya kai 'yan'uwa gaban mai unguwa.

Wata daga cikinku ta tambaye ni ina tsayin ya tafi. Bai tafi ko'ina ba, yana ɓoye a cikin ƙa'idar. Ku ɗauki 14 a matsayin gindi, ku sauko da tsayi h. Zai raba gindin gida biyu, x da 14 − x, ya ba mu alwatika biyu masu kusurwar digiri 90. Ƙa'idar Fitagoras ta ce h² = 13² − x², kuma h² = 15² − (14 − x)². Idan an daidaita su biyun, x² zai kashe x², a rage da 169 = 29 + 28x, wato x = 5. To h² = 169 − 25 = 144, h = 12, rabin 14 sau 12 kuma 84 ne. Wanda ya yi wannan aikin da haruffa maimakon lambobi, ya yi haƙuri da aljabara, zai iso nan:

16A² = (a + b + c)(b + c − a)(a + c − b)(a + b − c)

Baka ta farko ita ce 2s. Ta biyu 2s − 2a ce, wato 2(s − a), haka sauran biyun. 2 × 2 × 2 × 2 ta ba da 16, ta kashe 16 na hagu, sai ga ƙa'idar Heron. Daga nan kun ga dalilin da ya sa rabin kewaye ake ɗauka, ba kewayen duka ba.

Mantawa da raba biyun nan shi ne kuskuren da na fi yi wa jan biro. Akwai gwaji mai sauƙi: ragowa ukun idan an tara su dole su ba da s. A misalinmu 8 + 7 + 6 = 21. In ba su ba da s ba, ku tsaya nan, kada ku ci gaba. Na biyu shi ne mantawa da saiwa, yaro ya rubuta 7056 ya ja layi biyu a ƙasa yana murna. Sai kuma cakuɗa ma'auni, gefe ɗaya a mita, biyu a santimita. A mayar da su duka ma'auni ɗaya kafin a fara, amsar kuma a rubuta ta da murabba'i, m² ko cm².

Wani lokaci kalkuleta za ta ƙi ba ku amsa, kuma ba lalacewa ta yi ba. Ku gwada 4, 5 da 10. Rabin kewaye 9.5 ne, s − c ya zama −0.5, abin da ke ƙarƙashin saiwa ya faɗa ƙasa da sifili. Dalili shi ne babu irin wannan alwatika: kara mai tsawon 4 da mai tsawon 5 ba za su haɗu a kan gindi mai tsawon 10 ba. Dole kowane gefe biyu in an tara su su fi na ukun. Da 4, 6 da 10 kuwa amsar sifili ce, don karan sun kwanta a kan layi ɗaya.

Yawancin gonaki gefe huɗu gare su, kuma ba kasafai kusurwoyinsu suke miƙewa ba. Auna gefuna huɗun bai wadatar ba, kun tuna kara huɗu da suke karkacewa. Sai an ƙara awo ɗaya daga kusurwa zuwa wadda take fuskantarta, a raba gonar zuwa alwatika biyu. A ce layin tsakiyar mita 70 ne, ɓangare ɗaya yana da gefuna 50 da 60, ɗayan 65 da 75. Na farko: s = 90, A = √(90 × 40 × 30 × 20) = √2,160,000, kimanin 1,469.7. Na biyu: s = 105, A = √(105 × 40 × 35 × 30) = √4,410,000 = 2,100. Jimilla kimanin murabba'in mita 3,569.7. Kun ga ba kullum amsa take fitowa cif ba. Idan ba ta fito ba, ku bar taƙaita lamba sai a matakin ƙarshe.

Aikin gida, a littafin aiki, a nuna kowane mataki:

1. Nemo girman filin alwatika mai gefuna santimita 5, 5 da 6.
2. Gefuna mita 17, 25 da 26. A yi wannan ba kalkuleta, ta hanyar farfasa lambobi.
3. Gefuna santimita 7, 8 da 9. A ba da amsa zuwa gurbi biyu bayan ɗigo.
4. Tela ta yanka ƙyalle mai kusurwa uku, gefunansa mita 1.2, santimita 90 da santimita 150. Nawa ne girmansa?
5. Alwatika tana da gefuna 9, 10 da 17. Nemo girman filinta, sannan ka yi amfani da amsar ka nemo tsayin da ya sauka a kan gefe mai tsawon 9. Zana ta, ka faɗi inda tsayin ya faɗa.
6. Wani ya ce ya auna fili ya samu mita 12, 15 da 30. Me za ka ce masa?

Don ku duba kanku, amsar ta ɗaya 12 cm² ce, ta biyu kuma 204 m². Sauran zan karɓa ranar Litinin kafin a shiga darasin farko, shugaban aji ya tattara littattafan ya kawo mini ofishin malamai.